Wai bashin shinkafata ya mutu don ya wuce shekara biyu?

Salamu alaikum Malam. Ina sarin shinkafa da sukari a nan Tawa. Ran 10 ga Maris 2021 na ba wani mai shago a Keita shinkafa buhu 120, kuɗinta miliyan 2 da jika 100, a kan zai biya ran 10 ga Yuni. Ran 5 ga Janairu 2022 ya aiko min jika 500 ta ajans. Ran 20 ga Agusta 2023 ya yi min bokal yana ban haƙuri, sannan ya tafi Aljeriya ya yi kusan shekara. Bana muka zauna gaban dattawan kasuwa daga 1 ga Afrilu zuwa 1 ga Mayu, aka watse ba a shirya ba. Yanzu ɗan wansa mai karatun boko ya ce wai bashin ya mutu don ya wuce shekara biyu. Akwai kuma jika 300 da na ranta mishi a 2019 lokacin auren ɗiyarsa. Ƙanin matata ne shi ya sa nake ta kunya. Gaskiya ne bashi yana mutuwa?

Wani ɗan kasuwa, Tawa, Mayu 2025

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kafin komai, wannan wayar da bokal ɗin yake ciki kar ka ba yara su yi wasa da ita, kar ka kai ta wajen mai gyara ya ce zai wanke ta, kar ka musanya ta da sabuwa. A yau kusan duk kuɗinka a cikinta suke, za ka ga dalili a gaba.

Yaron nan bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, rabin karatun ya ɗauko ya bar rabi. Gaskiya ne akwai wa'adin shekara biyu, kuma gaskiya ne ya shafe ka. Abin da bai faɗa ba, ko bai sani ba, shi ne daga wace rana ake fara ƙirga shekara biyun, da abin da ke sa a zubar da ƙirgen a koma farko. In kwanakin da ka rubuto daidai suke, wa'adinka bai cika ba, amma ya kusa, saura maka kamar wata uku.

Dokar da ke kan wannan magana ba ta Nijar kaɗai ba ce, ta OHADA ce, wato dokokin kasuwanci na bai ɗaya da ƙasashe 17 suke aiki da su har da mu, kuma wadda ta shafe ka ita ce ta harkar kasuwanci gaba ɗaya da aka sabunta a Lome ran 15 ga Disamba 2010. Aya ta 16 ta ce bashin da ya taso a cikin harkar kasuwanci, tsakanin 'yan kasuwa ko tsakanin ɗan kasuwa da wanda ba ɗan kasuwa ba, wa'adin kai ƙararsa shekara 5 ne, sai in akwai wani wa'adi da ya fi wannan gajarta. To akwai shi kuwa, yana can gaba a aya ta 301: in ciniki ne na kaya tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa, shekara 2 ne kawai. Mutane da yawa aya ta 16 suke ji su kwanta da shekara 5 a ransu, ba su san ta 301 tana jiransu ba. Kai mai sari ne, shi mai shago ne, ya ɗauki shinkafar don ya sayar ba don tukunyar gidansa ba, saboda haka a layin shekara 2 kake. Da wani ma'aikaci ne ya ɗauki buhu biyu don cin iyalinsa, da ba maganar shekara 2 ɗin nan za mu yi ba. Kuma kar ka ce ai shi ba shi da rajista, ba shi da takardun kasuwanci. Abin da ake dubawa shi ne saye da sayarwa ne sana'arsa ko a'a.

Na san abin da ke ranka, don duk wanda na yi wa bayanin nan sai ya ce min wannan wace irin doka ce mai koya wa mutane cin bashi. Ni ma da na fara aiki a ofishin lauya ina saurayi haka na ɗauka. Abin da ya canza min ra'ayi wani tsoho ne da na gani ya zo da leda baƙa cike da takardu, 'ya'yan abokin cinikinsa da ya rasu sun taso shi a kan kuɗin wasu kaya na shekara goma sha wani abu da suka wuce. Ya rantse ya biya, kuma ni a raina na yarda ya biya, amma a hannu ya ba marigayin, direban da aka yi a gabansa ya rasu shi ma, resin da ya ajiye ya koɗe ya zama farar takarda, muka ɗaga shi a hasken taga ba ka ganin ko lamba ɗaya. Da me zai kare kansa? Babu. Wannan wa'adin ne kawai ya tsaya masa. Ka ga doka ba macuci take nufin karewa ba, ko da yake macuci yana laɓewa a bayanta. Tana duba cewa shaidu suna mutuwa, suna mantuwa, littafin shago yana ɓata, kuma alƙali ba zai iya gano gaskiyar abin da ya daɗe haka ba sai dai ya yi ta lalube. A kasuwa kuma abin ya fi tsanani don kuɗi juyawa suke, mutum yana son ya san abin da ke kansa kafin ya ɗauki sabon kaya, shi ya sa na 'yan kasuwa ya zama gajere. Sannan doka tana ganin wanda ya ga haƙƙinsa ya yi shiru shekara da shekaru, shi ma da nasa sakacin.

Amma kalmar nan da yaron ya yi amfani da ita, wai bashi ya mutu, a gyara ta. Abin da ke rufewa ƙofar kotu ce. Shi ya sa aya ta 27 ta ce wanda ya biya bashi bayan wa'adi ya cika ba zai dawo ya ce a maido masa don wai lokacin ya wuce ba, abin da ke kansa ya biya. Kuma aya ta 26 ta hana alƙali ya ɗago maganar wa'adi da kansa, sai wanda ake bi ya buɗe baki ya ce ranka ya daɗe lokaci ya wuce. In bai faɗa ba shari'a tana tafiya kamar kowace shari'a. Sai dai kar ka sa rai a nan, tunda ɗan wansa ya riga ya sa masa ita a baki zai faɗa, kuma ko ya manta a kotun farko yana iya ɗago ta a ɗaukaka ƙara. Maganar tsakaninsa da Allah kuwa malamai sun fi ni sani, can babu shekara biyu.

To mu zo kan ƙirge. Yaron daga ranar da aka loda mota ya fara nasa lissafin, kuma nan ya fara kuskure. Ƙa'ida a aya ta 17 ita ce wa'adi yana farawa daga ranar da mai haƙƙi ya san abin da zai ba shi damar kai ƙara, ko ranar da ya kamata a ce ya sani. Aya ta 19 ta ƙara da cewa bashin da aka yanka masa ranar biya ba a fara ƙirga masa komai sai ranar ta zo. Hankali ma zai ba ka haka, ranar da ka ba shi kaya ka ce ya biya nan da wata uku, in ka je kotu washegari alƙali cewa zai yi koma gida lokaci bai yi ba, to ba a cinye maka kwanakin da ba ka da ikon yin komai a cikinsu. Ke nan naka ya fara daga 10 ga Yuni 2021, kuma da ba abin da ya faru a tsakani da ya cika ran 10 ga Yuni 2023. Da kwana ake ƙirgawa ba da awa ba, sai ranar ƙarshe ta ƙare gaba ɗaya sannan a ce ya cika.

Nan akwai tambayar da zan maka. Wannan 10 ga Yuni an rubuta ta wani wuri? A kan bon ɗin da ya sa hannu, ko a littafinka, ko a saƙo? Don in baki da baki ne kuma ya musa, ana iya komawa ranar da ya karɓi kaya. A taka matsalar wannan ba zai kashe ka ba saboda abin da ya biyo baya, amma ga sauran masu karatu wata ukun nan ya sha zama shi ne tsakanin samu da rashi.

Abubuwa biyu ne suke tura wa'adi gaba kuma mutane suna cakuɗa su, alhali ba ɗaya ba ne. Ka ɗauki mai awon gero a kasuwa. Yana awo ya kai tiya goma sha huɗu aka kira salla, ya ajiye tiyar ya tafi, da ya dawo sai ya ɗora daga sha biyar. Wannan shi ne dakatarwa, abin da aka ƙirga yana nan, an dai tsaya ne. Amma in yana tiya goma sha huɗu aka yi gardama ya juye geron duka a tabarma ya ce bismillah, ɗaya, wannan shi ne katsewa, abin da ya wuce ya shafe, an buɗe sabon wa'adi cikakke mai tsawon na farko. Na farkon yana aya ta 20, na biyun aya ta 22.

Abin da ke katsewa kaɗan ne, uku ne: wanda ake bi ya amsa cewa ana bin sa, ko a kai ƙara kotu, ko a yi aikin tilasta biya kamar kama dukiya ta hannun wisiye, wato mai kai takardun kotu da zartar da hukuncinta. Kai na farkon ne ya cece ka har sau biyu ba tare da ka sani ba. Mutum ba ya biyan wani abu daga bashin da ba ya kansa, don haka kotuna suna ɗaukar biyan wani kaso a matsayin amsawa. Ranar da ya aiko kuɗin nan, 5 ga Janairu 2022, an juye geron, sabon ƙirge ya kai ka 5 ga Janairu 2024. Sai bokal ɗin ya zo ran 20 ga Agusta 2023, wato wa'adin yana da sauran rai na wata huɗu da 'yan kwanaki, aka sake juyewa. Daga nan shekara biyu ta kai ka 20 ga Agusta 2025. Wannan ranar ka rubuta a bangon shago.

Ka lura da abin da na ce, yana da sauran rai. Duk amfanin bokal ɗin yana kan cewa ya zo kafin 5 ga Janairu 2024. Da a Fabrairu 2024 ya yi shi, da babu abin da zai katse don wa'adin ya riga ya cika, sai dai a koma gardamar ko maganarsa tana nufin ya yafe kariyar da doka ta ba shi, wanda aya ta 28 ta yarda da shi amma ya fi wuyar tabbatarwa nesa ba kusa ba. Shi ya sa nake ta maganar wayar. Ba muryar kaɗai ake so ba, ana son a ga lambarsa da ranar da saƙon ya shigo a cikin hirarku. In ka tura wa ɗanka bokal ɗin don ajiya, a wayarsa ranar turawa za ta fito kuma daga lambarka, ka ga an rasa abu biyun da ake nema. Ka tura ɗin don ko ta kwana, amma asalin ka kai wa wisiye ya saurara, ya rubuta abin da aka faɗa kalma da kalma, da lamba da rana, ya buga hatiminsa. Kuɗi kaɗan ne a kan abin da kake bi. A tsakanin 'yan kasuwa doka ta yarda a kawo hujja ta kowace hanya, har ta waya, amma alƙali shi zai auna nauyinta.

Sannan ka sake sauraron bokal ɗin da kunnen abokin gaba, ba da kunnenka ba. Me ya ce takamaimai? In cewa ya yi Alhaji ka yi haƙuri da sauran kuɗin shinkafar nan, in na dawo zan biya, ka samu abin da kake so. In kuwa cewa ya yi Alhaji a yi haƙuri, abubuwa sun yi wuya, sai Allah ya hore, to lauyansa zai miƙe ya ce haƙurin me, ai surukai ne, wataƙila don bai zo suna ba ne. Amsawa sai ta fito fili ba mai fuska biyu ba. In maganar tana da rauni ka duba saƙonnin da ke gaba da ita da na bayanta, wataƙila kai ka fara tambayar kuɗin shinkafa shi kuma yana ba ka amsa, to haɗuwarsu ita ce hujjar.

Haka ma jika 500 ɗin akwai rami a gefenta. Tunda bashi biyu kake bin sa, yana iya cewa ai ni kuɗin auren na biya, ban taɓa na shinkafa ba. In alƙali ya yarda da haka, katsewar farko ta tashi, wa'adi ya koma 10 ga Yuni 2023, bokal ɗin Agusta ya zama ya zo bayan an rufe ƙofa, ginin duka ya rushe. Abin da ke gefenka shi ne kuɗin da ya aiko sun fi rancen auren yawa da jika 200, to wannan rarar ta mece ce in ba ta shinkafa ba? Duk da haka ka nemo resin ajans ɗin, ka duba abin da ka rubuta a littafinka ranar, ka duba ko ya kira ko ya rubuto ya ce ga na shinkafa. In resin irin mai koɗewa ne ka yi masa hoto da fotokofi yau ɗin nan.

Yanzu abubuwan da ba sa tsayar da komai, don a nan mutanenmu suka fi faɗawa. Kiran waya kullum ba ya tsayarwa. Aiken yaro da takarda ba ya tsayarwa. Takardar gargaɗi, ko lauya ne ya rubuta ta da babban hatimi, ita kaɗai ba ta katse wa'adi, sai fa in ya ba da amsa ya ce e ana bina. Kai shi komisariya ko jandarmari ba kai ƙarar bashi gaban alƙali ba ne, kuma bashin ciniki ma ba aikinsu ba ne, na ga waɗanda suka yi shekara suna zirga-zirga a can suna ganin ai magana tana hannun hukuma, kwanakinsu kuwa suna ta tafiya. Duk waɗannan motsinka ne kai mai bi, doka kuwa bakin wanda ake bi take so ta ji, ko takardar kotu.

Tafiyarsa Aljeriya fa? Na san a nan kake sa rai, amma kar ka ƙara ko kwana ɗaya a lissafinka saboda ita. Aya ta 21 tana dakatar da wa'adi ga wanda ya kasa kai ƙara saboda doka ta hana shi, ko yarjejeniya ta ɗaure shi, ko wani abin da ya fi ƙarfin mutum ya tare shi. Kasawa ake nufi ta gaske, ba wahala ba. Mutumin yana da gida da shago a Keita, kuma akwai hanyar da ake kai wa wanda ba ya nan sammaci, saboda haka alƙali zai ce me ya hana ka. Kunyar surukuta ma haka, ni na gane ta sarai, ba wanda yake son matarsa ta ji ya kai ƙaninta kotu, amma ba na ba ka shawarar ka tsaya gaban alƙali da ita a matsayin hujja. Kunyar mara kunya asara ce, ga shi kai kana jin nauyinsa shi yana aiko maka yaro da ayar doka.

Zaman dattawan ya fi tafiyar amfani. Ita dai aya ta 21 ta ce in rigima ta taso sai ɓangarorin biyu suka yarda su shiga sulhu, wa'adi yana dakatawa daga ranar da suka yarda a rubuce, in ba rubutu daga ranar zaman farko. In sulhun ya watse a ci gaba da ƙirge, kuma abin da ya rage ba zai gaza wata 6 ba. Mu gwada da naka. Ran 1 ga Afrilu saura maka wata 4 da kwana 19. Aka ajiye tiya. Ran 1 ga Mayu aka ɗauka, da sai a ce ka kai wajen 20 ga Satumba, amma tunda abin da ya rage bai kai wata 6 ba sai a cika maka shi, ka kai 1 ga Nuwamba 2025. Da daɗin ji. Sai dai ni ba zan kwana a kan wannan ranar ba, don sai ka nuna cewa sulhu ne na gaske da ku biyu kuka yarda da shi a gaban mai shiga tsakani, ba hirar a yi haƙuri a bakin shago ba, kuma sai ka nuna ranar farawa da ranar watsewa. Dattawanmu kuwa ba su cika rubutu ba, bayan wata shida ka tambaye su wani zai ce bayan azumi ne wani ya ce kafin azumi. Ka je wurinsu yanzu da abin yake sabo, a rubuta 'yar takarda mai kwanan wata su sa hannu, a rubuta har abin da shi ya faɗa a zaman. In a gabansu ya ce e akwai sauran miliyan 1 da jika 600 amma ba ni da hali, to wannan ma wata amsawar ce sabuwa, ta fi dakatarwar daraja. Ka riƙe Nuwamba a aljihu don ranar tsiya, aikinka ka yi shi a kan 20 ga Agusta.

Rancen auren ba ya cikin wannan gaggawar. Ba a harkar kasuwa ya taso ba, taimako ne tsakanin surukai, don haka dokar farar hula ce take kansa, wadda muka gada tun kafin 1960, kuma aya ta 2262 a cikinta shekara 30 ta ba da. Matsalarsa ba lokaci ba ce, hujja ce, wa ya gani, me aka rubuta. Amma da jari ka ba shi ya zuba a shago da lissafin ya koma shekara 5, ka ga kuɗi ɗaya mutum ɗaya, dalilin bayarwa ne ya raba su.

To me za ka yi? Hanya biyu ce kuma ta farkon ta fi dacewa da gidanka. Tunda ba ka son kotu, ka samu babban da yake jin nauyinsa a dangin matarka, a zauna, ya sa hannu a takardar amsa bashi: sunansa, naka, asalin kuɗin shinkafa, abin da ya biya, saura miliyan 1 da jika 600, yadda zai riƙa biya ko da jika 100 ne a wata, kwanan wata, shaidu biyu. Rancen auren a yi masa tasa takardar daban kar a sake cakuɗa su. Daga ranar da ya sa hannu an sake juye geron. Har ma aya ta 29 ta ba ku damar ku yarda a rubuce ku tsawaita wa'adin, muddin bai wuce shekara 10 ba, haka nan ba a rage shi ƙasa da shekara 1. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a rubuta wai ya yafe wa'adi har abada tun bai cika ba. Kuma kowane biya da zai yi daga yanzu a rubuta na wane bashi ne.

Amma ka yanka wa wannan hanyar rana, ni a ganina ƙarshen Yuni. Ka sa ido a kan alama ɗaya: in ka ga yana ta daɗin baki, gobe, jibi, bari a gama shuka, bari a yi sallar layya, amma ya ƙi sa hannu kuma ya daina yi maka bokal sai kira, to an koya masa, Agusta yake jira. Mai niyyar biya ba ya tsoron biro.

In Yuni ta ƙare ba takarda, ka ɗauki bon ɗin da littafi da resi da takardar wisiye ka ga lauya. Akwai gajeriyar hanya ta neman umarnin biya, wadda ake bi in bashin tabbatacce ne, an san adadinsa, lokacin biyansa ya yi, kuma daga ciniki ya fito. Ana kai buƙatar kotun inda wanda ake bi yake zaune, in alƙali ya sa hannu dole wisiye ya kai masa cikin wata 3 in ba haka ba umarnin ya zama banza, shi kuma yana da kwana 10 ya yi adawa a dokar da aka sabunta a 2023. Kar ka ɗauka ranar da ka ajiye takarda a ofishin magatakarda ka tsira, ka matsa a kai masa ita hannu kafin 20 ga Agusta, don kar a zo ana gardamar wace rana ce ta katse. In lauyan ya ga takardunka ba su kai na wannan hanyar ba, sammaci na yau da kullum za a yi. Ko an yi kuskure an kai kotun da ba ita ke da hurumi ba, aya ta 23 ta ce wa'adin ya katse duk da haka, kuma yana nan a katse har shari'ar ta ƙare.

Akwai tarko ɗaya a wannan ayar da nake jin tsoronsa a kanka musamman. In ka kai ƙara sannan ka janye, ko ka bar ta ta kwanta har kotu ta share ta, katsewar tana zama kamar ba a yi ba, a koma tsohon lissafi. Kuma na san yadda za a yi, ranar da sammaci ya isa Keita, kafin magariba surukarka ta kira, washegari motar dangi tana ƙofar gidanka, a ce Alhaji ka rufa mana asiri ka janye za a biya ka. In ka janye a Satumba a kan alkawarin baki, ranar Agustan ta riga ta wuce, ba abin da ya rage maka sai takardar dattawa. Ka karɓe su da mutunci, ka sa a kawo musu ruwa da goro, ka ce ka yarda za ka janye, amma ranar da ya sa hannu a takardar amsa bashi, ko ranar da aka rubuta sulhun a gaban alƙali. Ita kuma Hajiya ka zaunar da ita tun yanzu ka nuna mata littafin da kwanakin nan, kar ta fara jin maganar daga bakin 'yan gidansu.